Filankton: Ƴan Mitsi-mitsin Halittun Da Ke Ciyar Da Teku

Ku kalli wannan ruwan tekun da aka ɗebo a kofi. Fes yake ko? To da za a ɗiga shi a ƙarƙashin maikuroskof, za ku ga ashe cike yake da ƴan mitsi-mitsin halittu, su ake kira filankton. Ba su da ƙarfin yin iyo su ja da igiyar ruwa, duk inda ruwa ya nufa nan suke bi. Kashi biyu ne, akwai masu kama da tsiro da suke haɗa abincinsu da hasken rana, akwai kuma ƴan ƙananan dabbobi da suke cin waɗancan.

Masu kama da tsiron nan, idan aka haɗa nauyinsu gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsirran duniya ba, amma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya duk shekara daga gare su take fitowa. Ta yaya? Sauri ne kawai. Bishiya sai ta yi shekaru tana girma, su kuwa ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu a yini guda, cikin mako ɗaya ko makamancin haka an cinye na da, sababbi sun maye gurbi. Amma fa a nan mutane suke kuskure, wai duk numfashi biyu ɗaya na teku ne. Gaskiyar ita ce yawancin oksijin ɗin a cikin tekun ake shaƙe ta, kifaye da bakteriya masu ruɓar da matattu su ke cinyewa. Oksijin ɗin da ke cikin iskarmu, wato kashi 21 cikin 100 na iskar, tarin ɗaruruwan miliyoyin shekaru ne.

To yanzu ga matsalarsu. Abu biyu suke buƙata, haske da taki, kuma biyun ba sa zama waje ɗaya. Hasken rana bai cika wuce zurfin mita 200 ba, shi kuwa takin, wato su naitiret da fosfet, can ƙasa yake taruwa inda matattun halittu suke nutsewa suna ruɓewa. Shi ya sa tsakiyar teku mai shuɗin nan mai kyau a hoto, kusan hamada ce. Sai inda wani abu ya ɗago ruwan ƙasa zuwa sama ake samun albarka.

Mu je gaɓar tekun ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka mu gani. Iska tana kaɗawa a gefen gaɓar tana ture ruwan sama zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi mai ɗauke da taki ya taso ya cike gurbin, yana haɗuwa da rana filankton ya ɓarke, ruwan ya koma kore-kore. Ƙananan dabbobin su ci, wani ɗan kifi da ake kira ancobeta ya ci su, shi kuma manyan kifaye da tsuntsayen teku su cinye shi. Kuma a kowane mataki kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke wucewa gaba, sauran ya tafi a motsi da numfashi da bayan gida. Yi lissafi a kimance: kilo 1000 na filankton mai tsiro ya ba da kilo 100 na ƙananan dabbobi, su kuma kilo 10 na ƙananan kifi, a ƙarshe kilo 1 tak na babban kifi.

A 1970 masuntan Peru sun kama ancobeta wajen tan miliyan 12, babu ƙasar da ta kai su kamun kifi a lokacin. Sai 1972 yanayin El Niño ya zo, wato ɗumamar ruwan tekun yankin da kan faru bayan ƴan shekaru, ruwan ɗumi ya kwanta a sama ya yi kauri, ko da ruwa ya taso daga ƙasa ɗumin ne mara taki ke tasowa. Filankton ya ragu, kifin da dama an riga an kwashe shi fiye da ƙima ya rasa abinci, a 1973 abin da aka kama bai kai tan miliyan 2 ba. Tsuntsaye suka yi ta mutuwa da yunwa, masana'antun garin kifi suka tsaya, kuma an yi shekaru kafin kifin ya farfaɗo. Abin da ya fi taɓa ni shi ne babu wanda ya ga farkon abin da idonsa, sai da raga ta fara dawowa wayam.

Yanzu dai ana iya hango shi tun da wuri. Satalayit na auna launin ruwa da zafinsa daga sama, idan koren nan na gaɓar Peru ya fara dusashewa kuma ruwan yana ƙara ɗumi, masana sun san taki ya daina tasowa, hukuma kan iya rage adadin kifin da za a kama ko ma ta rufe kakar kamun gaba ɗaya, kamar yadda Peru ta soke kakar farko ta ancobeta a 2023.