Yadda Ake Tantance Rahoton Kashe Kuɗin Tallafi: Kasafi, Rahoto da Banki

Assalamu alaikum, jama'a. A zaman yau za mu ɗauki rahoto guda ɗaya mu bi shi daga farko har ƙarshe, domin mu ga yadda jimilla take iya fitowa daidai alhali ɓaraka tana kwance a cikin layukan kasafin. Takardu uku ne za su kasance a gaban mai dubawa: kasafin da mai ba da tallafi ya amince da shi, rahoton da akantan ƙungiya ya haɗa, da bayanin asusun da banki ya fitar. Kafin a taɓa lissafi sai a tabbatar cewa kasafin da ke hannu shi ne na ƙarshe da aka sa wa hannu, domin sau da yawa ana gyara kasafi a tsakiyar aiki, kuma wanda ya auna rahoto da tsohon kasafi ya yi aikin banza.

Mu ɗauka an ba ƙungiya tallafin 100,000, kowane irin kuɗi ne, aka ware 50,000 ga albashi, 30,000 ga horarwa, 12,000 ga tafiye-tafiye, 8,000 ga kayan aiki. Rahoto ya ce albashi ya ci 50,000, horarwa 24,000, tafiye-tafiye 16,500, kayan aiki 7,500, wato 98,000 ke nan, saura 2,000. Wanda ya tsaya a jimilla zai ce komai lafiya, tunda ba a wuce abin da aka bayar ba. To amma layin tafiye-tafiye ya haura da 4,500, wato kashi 37.5 cikin ɗari na abin da aka ware masa, kuma rarar da aka samu a horarwa ce ta rufa masa asiri. Yarjejeniyoyi da yawa suna ba da damar karkatar da kuɗi tsakanin layuka zuwa wata iyaka, galibi kashi 10 cikin ɗari, sai dai wasu suna auna iyakar da layin kansa, wasu kuma da jimillar kasafin, don haka dole a karanta sharaɗin da ido. Idan da layi ake aunawa, ba a yarda tafiye-tafiye su wuce 13,200 ba sai da rubutaccen izini, kuma amincewar baki da jami'in mai tallafi ya bayar ta waya ba ta tsayawa a gaban odita.

Yanzu sai banki. Rahoto ya ce saura 2,000, amma bayanin asusu ya nuna 5,150 a ranar rufe lissafi. Wannan bambanci na 3,150 ba laifi ba ne a karan kansa, muddin ana iya kiran sunan kowane ɓangare nasa. Da aka bi biyan kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ana haɗa kowace bauca da takwararta a banki, sai aka tarar da cek na 3,500 da aka rubuta wa mai ɗakin taro a makon ƙarshe bai kai ga karɓa ba tukuna, sannan banki ya cire cajinsa na 350 wanda akanta bai shigar a littafi ba. A ɗora 3,500 a kan 2,000, a cire 350, sai ga 5,150 cif. Ni kam ba na sakin irin wannan cek har sai na gan shi ya fita a bayanin watan da ke biye, domin cek ɗin da ya daɗe a rataye alama ce cewa ƙila an rubuta shi ne kawai don layi ya cika.

Akwai kuma abin da banki ba zai tona ba. A cikin 16,500 na tafiye-tafiye akwai adibas na 2,000 da aka tura wa wani ma'aikaci, kuma kuɗin sun fita daga asusu da gaske, amma babu rasit ko ɗaya a bayansu. Adibas bashi ne a wuyan wanda ya karɓa har ranar da zai kawo shaidar kashewa ko ya dawo da kuɗin, saboda haka ba shi da gurbi a rahoton. Da an cire shi, layin ya koma 14,500, wanda har yanzu ya haura da 2,500, wato idan da layi ake aunawa yana nan yana bukatar izini.

Idan yarjejeniya ta yarda a ɗora cajin banki a kan tallafin, abin da aka kashe na gaskiya ya zama 96,350, ragowar mai tallafi kuma 3,650. Ana tabbatar da wannan adadi ta ɗaya ɓangaren: a cire cek na 3,500 daga 5,150 na banki, a ƙara adibas na 2,000 da ke hannun ma'aikaci, a samu 3,650. Sai a mayar wa akanta rahoton ya gyara, a kuma rubuta wa mai tallafi game da layin tafiye-tafiye kafin a miƙa.