Zugin Da Zama Ke Tayarwa: Lacca Ga Direbobi Da Masu Keke

Assalamu alaikum jama'a. Zan fara da wani direban tirela da ya zo wurina, mai zirga-zirgar Kano zuwa Legas. Wata takwas ya yi yana shan jiƙon basir. Ya ce mini: "Likita, kamar an zuba min barkono tsakanin dubura da maraina." Da safe garau yake tashi, amma in ya yi awa guda a kan sitiyari sai zugi ya taso, kafin la'asar ya koma zama da ɗuwawu ɗaya. Na duba shi, babu basir.

Abin da ke damunsa wata jijiya ce da muke kira fudendal. Daga ƙasan ƙashin baya take fitowa, ta ratsa wani matsatsin wuri tsakanin igiyoyin tantani biyu a cikin ɗuwawu, ta bi gefen ƙashin da muke zama a kansa. Ita ke kai ji ga dubura da al'aura da fatar da ke tsakaninsu. Nauyin jiki da girgizar hanya suna danne ta. Mai keke ya fi shiga uku, domin hancin sirdi a kanta yake tokarewa.

Yaya ake gane ta? Likitoci a birnin Nantes na Faransa sun fitar da alamomi biyar a 2008. Ciwon yana inda jijiyar ke kai ji, zama yana tsananta shi, ba ya tayar da mutum daga barci, fatar wurin ba ta mutu ba, sannan in an yi allurar kashe zafi a gindin jijiyar sai ya lafa. Ni kuma akwai tambayar da ba na tsallakewa: in ka zauna a masai na zama, kana jin sauƙi? Direban nan ya zaro ido, ya ce wallahi nan kaɗai yake hutawa. Dalili kuwa, tsakiyar a buɗe take, ba abin da ke danne jijiyar.

Wannan dabarar muka kai cikin motarsa. Ya samu soso mai kauri, ya yanke tsakiyarsa har zuwa gaba, ya ɗora a kujera. Na ce ya riƙa tsayawa duk awa guda yana ɗan tattaki, kuma ya guji taurin bayan gida, don yunƙuri yana jan jijiyar. Na rubuta masa maganin zugin jijiya mai suna amitiriftilin kaɗan da dare, na gargaɗe shi cewa yana sa gyangyaɗi, kada ya sha ya hau hanya. Sauƙin a hankali ya zo, cikin watanni. Mai keke kuma ya sauya sirdi mai faɗi mai tsaga a tsakiya, kada hancinsa ya ɗaga sama.

Don Allah ku riƙe wannan: in wurin ya mutu ba ka jin taɓawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko bayan gida yana zubowa ba ka sani ba, ko ƙafafu suka rasa ƙarfi, wannan wata matsala ce a ƙashin baya. A ranar za a tafi asibiti, kada a kwana.