Sharhi: Hoton allo ya zo da Larabci, ta yaya za a fassara wa Hajiya?

Wata mai sauraro daga Jidda ta aiko da wannan: "Mahaifiyata tana Makka, wajen Shari'a Mansur, wayarta kuma da Larabci take. Kullum sai baƙi sun jefa ta cikin guruf na WhatsApp, na talla da na masu alƙawarin biza. Ta turo min hoton allon saitin, na fassara mata da Hausa, amma ta ce ba ta ga ko ɗaya daga abin da na faɗa ba. Ina kuskuren yake?"

Malama, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Fassararki tana iya zama daidai, sai dai kin ba ta ma'ana kin ɗauke mata kalmar. Idan kika ce mata ta taɓa "sirri", za ta duba allo sama da ƙasa, babu inda aka rubuta sirri. Abin da ke gabanta shi ne الخصوصية. Don haka duk mai fassara hoton allo, abu uku zai haɗa a kowane mataki: kalmar yadda take a rubuce, abin da take nufi, da inda take zaune a allon. Iyayenmu da yawa sun yi karatun allo, suna iya haɗa baƙin Larabci ko da ba su san ma'anar kalmomin zamani ba. Ki rubuta mata kalmar, ko ki zagaye ta da jan layi a kan hoton ki mayar mata, za ta gane ta da ido.

Sai maganar hagu da dama, wadda ke rikita mutane da yawa. Wayar da aka saita da Larabci komai nata a juye yake, kamar an sa madubi. Ɗigo ukun nan da ke saman WhatsApp, waɗanda a wayar Android mai Turanci suke kusurwar dama, a wayar Hajiya suna kusurwar hagu. Kibiyar komawa baya ma dama take kallo. Idan kina duba taki wayar kina kwatanta mata, kin ɓatar da ita tun matakin farko. Hoton da ta turo shi za ki bi.

To, ga yadda aikin yake. Ta taɓa ɗigo ukun, jeri zai sauko, ta nemi الإعدادات, ana karanta shi al-i'idadat, wato saiti. Idan iPhone ce, ba ta ɗigo uku ake bi ba, saitin yana layin ƙasa. Da ta shiga, ta tsaya ta ɗauko sabon hoto. A yawancin wayoyin Android ana danna maɓallin kashewa da na rage sauti tare. Mataki ɗaya, hoto ɗaya. Kada ki karanto mata matakai biyar a saƙon murya guda, domin kafin ta kai na uku ta manta na farko, kuma ke ba ki san a wane ɗaki ta tsaya ba.

A shafin saiti za ta ga الحساب can sama, da ɗan hoton makulli a gefe. Bahaushe idan ya ji hisabi, ranar lahira yake tunawa, amma a nan asusun mutum ake nufi. Da can sirri yana ƙarƙashin wannan, shi ya sa tsofaffin bayanai ke cewa a fara shiga nan. Tun 2022 aka fito da الخصوصية ya zama layi mai zaman kansa, da hoton kwado kusa da shi. Idan hoton Hajiya ya nuna kwadon, shi za ta taɓa kai tsaye. Idan babu shi, manhajarta tsohuwa ce, sai ta bi ta al-hisab.

Cikin shafin sirri layuka suna da yawa, kuma hoto ɗaya ba ya ɗauke su duka. Wanda ake nema المجموعات ne, al-majmu'at, wato guruf-guruf, kuma sau da yawa sai an ja allon sama kafin ya bayyana. Idan ba ki gan shi a hoton ba, ki ce ta ja ta sake ɗauka. Kada ki yi hasashe ki tura ta layin da ya yi kama da shi.

Yanzu mun zo inda fassara take iya cutarwa. Zaɓi uku ne a wannan shafi. Na farko الجميع, a wasu wayoyin الكل, ma'ana kowa da kowa. A nan Hajiya take yanzu, shi ya sa duk wanda ya tsinci lambarta yake jefa ta guruf. Na biyu جهات اتصالي, jihatu ittisali. Idan aka bi kalma da kalma sai a ce "ɓangarorin sadarwata", abin da ba ya nufin komai ga kowa. Ki ce mata: mutanen da kika ajiye lambarsu a waya. Na uku shi ne wannan jimlar dai, an ƙara mata باستثناء, ko kuma ما عدا, a ƙarshe. Wanda ya taɓa nahawu ya san istisna'i, togaciya ke nan, "ban da wane".

Wannan na ukun a kula da shi sosai. Idan aka taɓa shi, jerin sunaye ne zai fito, kowane da ɗan da'ira a gefe. Mutum yana ganin haka sai ya ɗauka ana tambayarsa wa ya yarda da shi, ya zaɓi 'ya'yansa da ƙannensa da malaminsa. Alhali waɗanda aka sa wa alama su ne aka hana. Sakamakon sai ya zama 'ya'yan Hajiya sun kasa sa ta a guruf ɗin gida, shi kuwa dillalin bizar da ta taɓa ajiye lambarsa ƙofa a buɗe take gare shi. Fassarar da ta dace ita ce: zaɓi waɗanda ba ki so su sa ki a guruf.

A ganina, ga Hajiya na biyun ya wadatar, sai dai idan cikin lambobin da ta ajiye akwai mai damunta, to shi kaɗai za a sa wa alama a na uku. Kada kuma ki ce ta nemi لا أحد, wato babu kowa. Yana nan a shafin hoton fuska, amma a shafin guruf an cire shi tun 2019. Bayan ta zaɓa, idan akwai تم a ƙasa ta taɓa shi, ma'anarsa an gama. A jerin sunaye kuwa alamar dacewa ce a kusurwar ƙasa. Wanda ya fita bai taɓa ta ba, aikinsa bai zauna ba.

Af, kafin ta turo hoton jerin sunaye, ta tuna lambobin mutane ne a ciki, kada ya wuce hannunki. Hoton saƙon da ke ɗauke da lambobi 6 na tabbatarwa kuwa ba a tura wa kowa, ko da ya ce taimako zai yi, domin da su ake ƙwace asusu.

Hoto na ƙarshe shi ne shaida. Ta koma shafin sirri ta ɗauka, ki duba ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin المجموعات. Idan ya nuna جهات اتصالي, ya zauna. Daga nan baƙon da ya so sa ta a guruf sai dai ya aiko mata da gayyata a keɓe, wadda take lalacewa bayan kwana 3 idan ba ta amsa ba. Guruf ɗin da aka riga aka jefa ta ciki kuwa wannan saiti ba ya fitar da ita, sai ta shiga kowane ɗaya ta fita da hannunta.