Fayil ɗin inshorar lafiya: kwanan wata ne ke cin mutum

Jama'a barkanmu da warhaka. Yawancin rigima da kamfanin inshora ba wai sun musa cewa ka yi rashin lafiya ba ne, a'a, takardu ne ba sa haɗuwa da juna, musamman kwanan wata.

Bari mu ɗau misali. An tura mara lafiya wajen likitan tiyata, aka kwantar da shi ranar 5 ga wata, aka sallame shi ranar 9. Bayan wata biyu sai ga wasiƙa wai ba za su biya ba, don ba a nemi amincewarsu kafin aikin ba. To a nan ne fayil ke magana. Takardar da likitan farko ya tura shi da ita, wato rifaral, tana ɗauke da ranar 2, kenan ta riga kwanciya, haka ake so. Da ranar 7 ce a jiki za su ce bayan an riga an kwantar da shi aka rubuto ta. Takardar sallama kuma ita ke nuna ranar shiga da ta fita da sunan ciwon da aikin da aka yi, don Allah ka karanta ta tun kafin ka bar asibiti, in sunanka ko lambar katinka ta sha bamban da na inshora a gyara nan take likita ya sa hannu, don dawowa daga baya wahala ce.

Amma abin da ke raba gardamar shi ne bayanin kiran waya, kuma shi mutane suka fi sakaci da shi. Ranar 3 an kira kamfanin, an ce an amince. Wa ya faɗa? Ƙarfe nawa? Wace lambar shaidar amincewa ya bayar? Duk kiran da ka yi, kana ajiye waya ka rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya ɗauka da lambar da ya ba ka da ainihin abin da ya ce, in da hali ma ka tura musu imel a ranar kana maimaita maganar. Da wannan za ka ce su duba rikodin ɗinsu na wannan lokacin, ba kawai "ai na kira" ba.

Rasit kuwa, irin na inji mai santsin nan rubutunsa gogewa yake, balle ya sha zafi, saboda haka ka ɗauke shi hoto ko fotokwafi a ranar. Kuma rasit mai jimilla kawai bai isa ba, nemi wanda aka jero kuɗin gado da magani da gwaji ɗaya bayan ɗaya, shi masu binciken kuɗi ke tambaya.

Jera komai bisa kwanan wata, kowace jinya da ɓangarenta. Kwafi za ka miƙa, na asali ya zauna wajenka, in sun dage sai shi to su sa maka hannu sun karɓa. Ita ma wasiƙar ƙin biyan sa ta a fayil ka rubuta ranar da ta iso, don ɗaukaka ƙara yana da wa'adi, duba ta da takardar yarjejeniyarku ka ga kwana nawa aka ba ka.