Kalmar “Za A Yi” Ba Ta Da Mai Ita: Lacca Kan Tace Bayanan Taro

Assalamu alaikum. Na gode da kuka zauna har zuwa wannan lokaci. Ga wata takarda a hannuna, shafi huɗu ce, bayanan zaman wani kwamiti da na taɓa yi wa sakatare. Bari in karanta muku sakin layi ɗaya, ku saurara da kyau:

“An tattauna batun ɗakin da za a yi bita. Wasu sun ce na bara ya yi kaɗan. Ma'aji ya nuna damuwa kan kuɗi. An ce za a duba wani wurin, kuma za a sanar da mahalarta nan ba da jimawa ba.”

To, wa zai duba? Wa zai sanar? Ban ji amsa ba. Mu ma ba mu samu ba. Bayan mako 3 muka dawo zama, kowa yana kallon ɗan'uwansa, kuma laifin nawa ne, domin ni na rubuta.

Harshenmu yana da wannan ƙaramar “a” mai daɗin faɗa: an ce, za a yi, a tuntuɓe su. A baki ladabi ce, tana hana ka nuna babba da yatsa. A takarda kuwa, ita ke haɗiye aiki. Saboda haka idan na zauna tace bayanan taro, abin da nake fara yi shi ne in ɗauki biro in ja layi ƙarƙashin kowace “za a”. A wannan sakin layin guda 3 ne, kuma biyun ƙarshe kowacce aiki ce marar uwa marar uba.

Daga nan sai in raba magana da matsaya. “Na bara ya yi kaɗan” ra'ayi ne. Damuwar ma'aji ma ra'ayi ce. Su zauna a cikakken bayani, ba su da gurbi a taƙaitawa. Tambayar da nake yi wa kowace jimla ita ce: shin shugaba ya rufe maganar, aka amince? Idan ya rufe, matsaya ce. Idan aka tashi ana ta ja, kada ka yi wa kwamiti shisshigi ka yanke musu da alƙalaminka. Rubuta cewa ba a cimma matsaya ba, batun zai dawo ajandar zama na gaba. Sakatarorin da suka fi ƙwazo su suka fi faɗawa wannan rami, don suna son takarda ta fito tsaf.

Yanzu ku ji yadda ya kamata sakin layin nan ya koma. Matsaya: za mu bar ɗakin bara. Aiki na farko: mataimakin shugaba zai kawo wurare 3 da adadin kujerun kowanne, zuwa Laraba 14 ga wata. Aiki na biyu: sakatare zai aika wa mahalarta sanarwa ranar Juma'a 16 ga wata, bayan shugaba ya zaɓi ɗaya.

Kun lura aiki na uku ya ɓullo? Zaɓen da shugaba zai yi. Babu shi a bayanan asali, amma idan bai zaɓa ranar Alhamis ba, sanarwar Juma'a ta rushe. Sai an jera ranaku irin wannan ɓoyayyen aiki yake fitowa fili.

Batun mai aiki, suna ɗaya nake so. Idan aka ce mutum 3 za su yi, na yarda, amma a gaya mini wanda zan kira idan ranar ta wuce. Kuma kada a ɗora wa wanda bai halarci zaman ba, sai an same shi ya ce ya karɓa. Kafin nan, aikin yana wuyan wanda aka aika ya faɗa masa.

Wa'adi kuwa, “mako mai zuwa” ba wa'adi ba ne, domin wanda ya buɗe saƙon bayan kwana 5 wani makon zai lissafa. Sa sunan rana da kwanan wata tare. Idan ka yi kuskure a ɗaya, ɗayan zai tona.

Ga hannu can baya. Malama tana tambaya: idan taron bai ambaci suna ko rana ba fa, sakatare ya ƙirƙira? A'a, Malama. Bar gurbin a buɗe, ki rubuta “ba a sa mai yi ba”, ki tura wa shugaba a ranar ya cike kafin takardar ta fita. Ni dai yanzu, minti 5 kafin a tashi, nakan nemi izini in karanta ayyukan da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ji sunansa da ranarsa ya amsa da bakinsa.