Cinikin Biri A Sama Ba Ya Kai Kaya London

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

A makon jiya wata 'yar uwa da ke aure a Birmingham ta turo mini hoton wata talla da ta gani a Instagram. Rinin Ƙofar Mata ne, baƙi wuluk har yana sheƙi, ga kuka da daddawa da zoɓo an jera a gefe, an rubuta ana aikawa ko'ina a duniya. Nawa ne? Babu. Kuɗin aikawa? Babu. Kwana nawa zai yi a hanya, ta ina za a biya? Babu ko ɗaya. Abin da kawai ke ƙasan hoton shi ne, "Shigo inbos." Ta shiga, ta yi sallama, aka amsa mata bayan kwana biyu. Kafin nan ta riga ta sayi zoɓonta a shagon da ke bakin layinsu.

Haba jama'a! Wannan ai cinikin biri a sama ne. A Kantin Kwari mai saye yana taɓa atamfa, ya murza ta, ya taya, a ce albarka, a ƙarshe a sallama. Wanda ke ƙetare ba shi da hannun taɓawa. Rubutun da ke ƙasan hoton shi ne idonsa, shi ne hannunsa. To a rubuta masa a fili.

Za ka ji masu tallar suna cewa ai canji ba ya tsayawa wuri guda, ko kuma abokan hamayya za su ga farashi su karya. Wannan ba hujja ba ce. A sa farashin da fam ko dala, a rubuta ranar da aka sa shi. Mai son karya maka farashi kuwa, shi ma ya san hanyar inbos.

Inda aka fi yin rigima shi ne kuɗin aikawa, kuma da yawa ba su san dalili ba. Kamfanonin aika kaya ta jirgin sama irin su DHL ba sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna auna girman kwalin. Sai su ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan lissafi da nauyin sikeli. A ce Hajiya ta zuba busasshen zoɓo kilo 3 a kwali mai tsawon santimita 40, faɗi 30, tsayi 30. In aka ninka ya ba da 36,000, in aka raba ya zama kilo 7.2. Ita ta riga ta faɗa wa mai saye kuɗin kilo 3, ga shi za a karɓi kuɗin fiye da kilo 7. Sai ta koma tana cewa a ciko. Shi kuwa can yana ganin an damfare shi, alhali rashin awo ne kawai. Me ya hana a haɗa kwalin tun farko, a kai a auna, a rubuta kuɗin Ingila daban, na Amurka daban?

Sai kuɗin kwastan na can. Tun watan Agustan 2025 Amurka ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba, don haka turmin atamfa ɗaya da aka saya ma ana iya sa masa haraji. Wa zai biya, mai kaya ko mai saye? A rubuta a fili, kada mutum ya ji labari sai kaya sun iso ƙofarsa.

Amma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa suna aika kilishi Turai. Birtaniya da Tarayyar Turai ba sa barin nama daga Najeriya ya shiga ta ƙunshin saƙo. In an gani, ƙwacewa ake yi a lalata. Na sani, wani zai ce nasa ya wuce. Ya wuce ɗin, sa'a ce, kuma ba a karɓar kuɗin mutum a kan sa'a ba tare da an gaya masa ba.

Biyan kuɗi ma haka. Shago da suna ɗaya, asusun banki da sunan wani ƙane ko miji, kuma ana so baiwar Allah ta tura fam 200 ba ta taɓa ganin fuskar kowa ba. Ni ma da na ja baya. A sa sunan asusun a cikin tallar, a faɗi ko naira ake karɓa ko fam, a faɗi wanda zai ɗauki cajin turawa, da abin da za a yi in kaya sun ɓace a hanya. Sannan a faɗi tsawon zanen, domin ba kowane ɗan da aka haifa a can ba ne ya san turmi yadi 6 ne, wato kusan mita biyar da rabi.

Ita dai 'yar uwar tamu har yanzu rinin take nema. Jiya ma ta sake tambayata ko na san wanda ke rubuta farashinsa.