Motsi a shafin PowerPoint: kibiya shida da zagayen jini

Ku dubi wannan shafi na tsawon daƙiƙa uku. Zanen zuciyar ɗan Adam ne, da ɗakunanta huɗu, da huhu a sama, da kibiyoyi shida waɗanda suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da irin nata salon: wata ta faɗo daga sama tana tsalle, wata ta juyo tana walwali, wata kuma ta taso daga ƙasan allo. Yanzu na ɗauke shafin. Idan na tambaye ku daga wane ɗaki jini yake fita zuwa huhu, da wuya a sami wanda zai amsa, alhali amsar tana gabanku ɗazu.

Irin wannan shafi shi ne ya raba kan malamai da masu gabatar da lacca gida biyu. Wasu suna cewa a cire motsi gaba ɗaya domin wasan yara ne, wasu kuma suna ganin shafin da ba ya motsi ba ya riƙe hankalin mai kallo. Ni ina ganin an bar inda gizo yake saƙar. Duk wani motsi da ya bayyana a allo yana gaya wa mai kallo wani abu game da lokaci da kuma alkibla: wannan ya riga wancan, wannan ya nufi can, waɗannan biyu tare suke faruwa. Idan abin da motsin ya faɗa gaskiya ne game da aikin da ake bayani, ya taimaka. Idan ƙarya ne, ko kuwa bai faɗi komai ba, to ya cinye hankalin da ya kamata a kashe a kan darasin.

Bari mu sake gina shafin tun daga tushe, mu wuce da sauri a inda babu wahala. A ƙarƙashin Animations akwai rukuni huɗu: Entrance mai shigo da abu, Emphasis mai jan ido zuwa abin da yake a allo tun farko, Exit mai fitar da shi, da Motion Paths mai ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri. Zanen zuciyar da huhun ba za mu sa musu komai ba, domin mai kallo yana bukatar ya ga taswirar gaba ɗaya kafin a fara tafiya a cikinta. Kibiyoyin nan shida su kaɗai za su motsa, kuma dukkansu da salo guda, wato Wipe, wanda yake zana abu daga wannan kai zuwa wancan kamar yadda malami yake jan alli a allo yana magana.

A nan akwai tarko ƙarami. Idan aka zaɓi Wipe, manhajar tana fara zanen daga ƙasa, From Bottom, sai an canza da hannu. Ku dubi kibiya ta biyu, wadda take nuna jini yana sauka daga ɗakin sama na dama zuwa ɗakin ƙasa na dama. Kan kibiyar yana kallon ƙasa, amma tana bayyana daga ƙasa zuwa sama, wato idon ɗalibi yana hawa a daidai lokacin da bakin malami yake cewa jini yana sauka. Sai a shiga Effect Options a mayar da ita From Top. Kowace kibiya a duba ta haka, a tabbatar ta fara daga inda jinin ya taso.

Yanzu mun iso wurin da nake so mu zauna a kai, domin a nan ne mafi yawan shafuka suke lalacewa ko da an zaɓi salo mai kyau. Ku buɗe Animation Pane, wato jerin duk motsin da ke shafin, za ku ga kibiyoyin a jere daga ta farko zuwa ta shida. Kowace tana da zaɓi uku a gurbin Start: On Click mai jiran a danna maɓalli, With Previous mai motsawa tare da wanda ya gabace shi, da After Previous mai farawa da kansa da zarar wanda ya gabace shi ya gama. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan gurbi a matsayin batun sauƙin aiki kawai, su ce me zai sa in ta danna maɓalli sau shida alhali kwamfuta za ta iya yi da kanta, sai su mayar da komai After Previous. Ga sakamakon a allo. Kowace kibiya tana ɗaukar rabin daƙiƙa, kibiya shida kuwa daƙiƙa uku ke nan, an gama zagayen jini kafin malami ya rufe bakinsa daga jimlar farko. Daga nan sai ya koma yana bayanin mataki na ɗaya, idanun ɗalibai kuma suna can kan mataki na shida, wanda shi ne abu na ƙarshe da ya motsa.

Ku saurari yadda abin yake idan an bar kowace kibiya a On Click. Na danna: jinin da ya gama zagaya jiki, ya rage iskar da yake ɗauke da ita, yana dawowa ɗakin sama na dama, wanda a zane yake hagunku domin zuciyar tana fuskantarku ne. Na tsaya, na ga an fahimta, na sake dannawa: ya sauka ɗakin ƙasa na dama. Na danna: ɗakin ƙasa ya matse, ya tura shi huhu, inda zai sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki mai kyau. A nan idan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, malam, me ya hana shi komawa sama, allon yana jirana, zan iya nuna mata murfin da yake tsakanin ɗakunan biyu wanda yake rufewa idan ɗakin ƙasa ya matse. Sauran ukun haka suke: daga huhu zuwa ɗakin sama na hagu, zuwa ɗakin ƙasa na hagu, zuwa jiki baki ɗaya.

Wannan ba ra'ayina ne kaɗai ba. Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Jami'ar California da ke Santa Barbara, ya gwada darasi mai motsi kan yadda walƙiya take samuwa, ya ga waɗanda aka yanka musu darasin gunduwa-gunduwa, suna danna maɓalli kafin su ci gaba, sun fi iya amfani da abin da suka koya wajen warware sababbin tambayoyi. Dalilin a fili yake: motsi yana wucewa, kuma wanda bai gama narkar da mataki na biyu ba, ba shi da wurin ajiye na uku.

To ina amfanin With Previous? Amfaninsa na farko shi ne rubutun da ke bin kowace kibiya. Kalmar "huhu" ko lambar mataki kada ta ci dannawa tata ta daban. A haɗa ta da kibiyarta su bayyana tare, da Appear ko Fade, ta yadda dannawa ɗaya za ta zama tunani ɗaya. Amfaninsa na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne abin da ya sa na zaɓi zuciya don wannan bayani. Shafinmu mai dannawa shida, duk da kyansa, ya bar wata fahimta mara daidai a kan ɗalibi, cewa ɓangaren dama yana gama aikinsa sannan na hagu ya fara. Zuciya ba ta aiki haka. Ɗakunan sama biyu tare suke matsewa, sannan ɗakunan ƙasa biyu su matse tare, ɗaya ya tura jini huhu, ɗayan ya tura shi jiki a lokaci guda. Abin da muka bi a shafin farko tafiyar ɗigon jini guda ne, ba bugun zuciya ba.

Saboda haka ake bukatar shafi na biyu. A kwafi na farkon, a cire duk Wipe, kibiyoyi shida su tsaya a allo tun farko. Sai a sa wa kibiya ta biyu Pulse, mai sa abu ya ɗan kumbura ya koma, daga rukunin Emphasis a On Click, ta biyar kuma Pulse a With Previous. Haka ta uku da ta shida. Dannawa biyu kawai, ga sama tare, ga ƙasa tare. Zuciyar babban mutum a hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, don haka kada a yi ƙoƙarin kwaikwayon saurinta na gaske; a ja Duration zuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu domin ido ya kama. Zane ɗaya ne a shafukan biyu, salon motsi da gurbin Start kaɗai suka bambanta, kuma darasi biyu daban suka koyar.

Akwai kuma tambayar abin da za a yi da matakan da aka wuce. Ina roƙonku kada ku fitar da su da Exit. Ɗalibin da ya kai mataki na huɗu yana bukatar ya waiwaya ya ga ta ina aka biyo. Idan cunkoso kuke tsoro, ku danna kibiyar sau biyu a Animation Pane domin akwatin Effect Options ya buɗe, a gurbin After animation ku zaɓi launin toka. Tsohon mataki zai dusashe amma yana nan, sabon kuma ya fito sosai. Wannan yana da wata fa'ida idan an gama aji aka ce a tura shafukan ta WhatsApp a matsayin PDF, domin PDF ba ya ɗaukar motsi. Duk abin da aka jibge a wuri guda da niyyar wani ya fita wani ya shigo, zai fito a cakuɗe, rubutu a kan rubutu.

Wuraren da motsi ba shi da aiki ba sa bukatar dogon bayani. Ku dubi shafi na gaba a wannan darasi, jerin abubuwa huɗu da ke cikin jini: jajayen ƙwayoyi, fararen ƙwayoyi, ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, da ruwan jini. Babu wanda ya riga wani a cikinsu, babu wanda ya nufi ko'ina, saboda haka a nuna su gaba ɗaya. Haka teburin da ke kwatanta jijiyoyin da ke fita daga zuciya da masu dawowa gare ta. Kwatanci yana bukatar ido ya yi ta kai da kawowa tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ɓoye rabin teburin yana hana hakan. Taken shafi da tambarin makaranta su zauna a inda suke.

Kafin ku shiga aji, ku danna F5 ku gabatar da shafin da babbar murya, kuna ƙirga dannawa. Idan kun danna ba ku da sabuwar jimlar da za ku faɗa, wannan motsin ya koma With Previous ko a cire shi. Idan kuma kuna cikin magana wani abu ya motsa da kansa, ku nemo shi a Animation Pane, za ku tarar yana After Previous. A shafinmu na farko ƙirgar ta tsaya a shida, a na biyu ta tsaya a biyu.